Ranar da Ƙauye Ya Ce Bai San Ni Ba

A sashenmu na kimiyyar ƙasar noma, kowane ɗalibi ya san malaman da ake zuwa wurinsu idan ana neman takardar shaida, ya kuma san wanda ake kewaye ofishinsa. Na farkon sukan ce maka, je ka rubuto abin da kake so ka kawo in sa hannu. Na biyun mutum ɗaya ne, dattijon da ya duba aikin bincikena na shekarar ƙarshe. Gajere ne, marar yawan magana, yana da wata tsohuwar jaka baƙa da ba ya rabuwa da ita. Mun sha cewa ko ɗan da ya haifa ne ya zo neman shaida sai ya tambaye shi inda suka san juna. To ni da ƙafata na je wurinsa, kuma ba don jarumta ba. Jami'ar ƙasar wajen da nake neman gurbin digiri na biyu ta ce tana son shaidar mutum biyu, ɗaya a cikinsu lallai ya zama wanda ya duba bincikena. Ba ni da mafita.

Yadda abin yake, kai ba ka riƙe takardar da hannunka, ba ka ma ganin ta. Cikin fom ɗin da kake cikawa a intanet za ka sa sunan malamin da adireshin imel ɗinsa na jami'a, don ba sa yarda da wanda kowa ke iya buɗewa. Su ne za su aika masa saƙo da wurin da zai shiga. Can zai amsa tambayoyinsu, tun yaushe ya san ka, a wane matsayi, ina kake a cikin ɗaliban da ya koyar, za ka iya bincike kai kaɗai, yaya zamanka da mutane. Sannan ya ɗora wasiƙarsa a kan takarda mai tambarin sashe. Kai abin da kake gani a shafinka kalma ɗaya ce a gaban sunansa, ko ana jira, ko an karɓa. Idan ranar rufewa ta zo tana nan a kan ana jira, takardunka ba su cika ba, sai baɗi idan da rai.

Lokacin na kwana biyu da barin jami'a. Bayan bautar ƙasa na dawo gida Birnin Gwari, na samu koyar da darasin noma a wata makarantar sakandare. Shekarun nan ne da daji ya fi ƙarfin mutane saboda 'yan bindiga. Gonakin kirki, masu baƙar ƙasa, suna can ciki wajen dajin Kamuku, kuma babu mai zuwa. Tamu ma tana can, mahaifina ya rasu bai sake taka ta ba. Kowa ya dawo ya matsu a 'yan filayen bakin gari da suka gaji tun zamanin kakanni, ana zuba musu masara shekara bayan shekara, wuta-wuta kuma ta samu wurin zama. Wanda bai san ta ba zai ce fure ne mai kyau, ja-ja mai ɗan shuɗi, alhali a ƙarƙashin ƙasa ta kama saiwar masara tana tsotsa. Haushinta nake ji kamar mutum.

Abin da na karanta ke nan, shi ya sa na kasa zama. Ranar Asabar nakan hau tsohon babur ɗina in tafi wani ƙauye ta wajen Kazage, inda wani dattijo ya yarda ya ba ni gefen gonarsa in yi gwaji. Bagwari ne, dattijon coci, dogo mai farin gashi. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka. Mun raba filin gida biyu da turaku, ɗaya muka ci gaba da masara yadda aka saba, ɗaya muka sa waken suya, shekara ta zagayo muka mayar da masara. Waken yakan yaudari irin wuta-wuta ya tsiro bai samu abin kamawa ba ya mutu, ya kuma bar wa ƙasa ɗan ƙarfi. Ba ni na ƙirƙiro ba, yana cikin littafi. Nawa dai shi ne na auna, na rubuta, na kuma jure dariyar mutane. Da farko cewa suke yi ɗan boko ya zo koya wa gona lissafi. Da damina ta uku ta zo, waɗanda suka fi kowa dariya su ne suka fara tare ni a hanya suna tambayar ko akwai sauran irin waken.

Duk wannan na zuba a cikin bayanin da ake rubutawa game da kai, wanda ake haɗawa da takardun neman gurbi. Na buga shi, na haɗa da sakamakon jarrabawata, na shiga mota zuwa jami'a, domin dattijo irin Malam, wanda ya duba bincikena, ba a roƙonsa ta waya. Na tafi masa da kwalbar zuma. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi mutanen gida da hanya, ya dubi zumar ya ce in ajiye ta a jakata sai an gama magana, kuma har na fito bai sake waiwayar ta ba. Ya karanta bayanin nan tun daga farko har ƙarshe, yana bin layi da bayan biro. Sannan ya cire tabarau.

"Shaida kake nema," in ji shi.

"I, Malam."

"Yaron da na koyar na san shi. Yana da ƙwaƙwalwa, yana da gardama, ba ya ƙirƙirar lamba idan awo ya ƙi fitowa. Wannan zan iya faɗa ko'ina. Amma mutumin da ke cikin takardar nan, mai gonakin gwaji da manoma suna bin sa, ban san shi ba."

Ya ce a 'yan shekarun nan duk ɗalibin da ya zo masa sai ya tarar ya kafa ƙungiya, ya ceto ƙauye, ya koyar da mata ɗari sana'a, kuma idan ka bincika ko tukunyar fure bai taɓa shukawa ba. Ya ce Turawa suna ɗauka wasiƙa ce kawai, amma shi a wurinsa shaida ce, kuma za a tambaye shi ita a inda ba a sa hannu. Raina ya ɓaci sosai. Na yi shekaru rana tana dukana a gonar mutane, ga shi ana haɗa ni da maƙaryata. Na buɗe baki zan nuna masa hotuna a waya, ya ɗaga hannu ya ce hoto kowa yana da shi. Ya ce in je in sa sunansa, zai duba. Bai ce zai rubuta ba, bai ce ba zai rubuta ba.

Na sa sunansa. Ɗaya malamin ya aika tasa cikin makon. Ta Malam kuwa ta zauna a kan ana jira. Da safe in duba, da rana in duba, wani lokacin sai na fita bakin titi inda sabis ya fi ƙarfi, kamar ƙarfin sabis ne zai canja kalmar. Matata ta fara tsokanata, wai tun da muka yi aure ba ta ga na kalli fuskarta yadda nake kallon sunan tsohon nan ba. Damina tana ja da baya, masara ta yi goyo ta fara bushewa, ranar rufewa kuma tana matsowa.

A cikin wannan hali na tafi Kaduna rubuta jarrabawar Turanci, ita ma dole ce. Na kwana a can, na dawo da ciwon kai, don an sa ni na yi ta hira da wata mata a kan irin abincin da nake so. Asabar ta zagayo na hau babur na nufi ƙauye.

Tun daga bakin gari na ga ana kallona wani iri. Matan da ke wurin injin niƙa suka amsa gaisuwata suna murmushi kamar waɗanda suka yi mini wani alheri suna jiran in gane. Baba yana zaune a gindin ɗorawar ƙofar gidansa. Ya miƙe da kansa, abin da ba ya yi, ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Ka gode wa Allah, ɗana. An zo nemanka, amma mun gama da shi."

Ya ce ranar kasuwa wani baƙo ya sauka daga mota a bakin titi, ya hau ɗan acaɓa ya shigo. Ba wanda ya san shi. Yana ta tambayar malamin makarantar nan mai zuwa gonaki, yaushe yake zuwa, da wa yake aiki, wace gona ce tasa, mutane suna jin maganarsa ko ba sa ji.

Wanda bai zauna a ƙasarmu a shekarun nan ba zai ga ba wani abu ba ne. A wurinmu kuwa baƙo ya zo yana tambayar mutum da lokacin zuwansa, ma'anarsa ɗaya ce. Haka ake fara wa duk wanda aka ɗauke. Sai an aiko an auna shi tukuna, an ji ko yana da abin hannu, ko yana da 'yan uwa a birni da za su iya fansarsa. Saboda haka mutanenmu suka koyi wata al'ada da ba wanda ya zauna ya tsara ta. Idan baƙo ya tambayi naka, ba ka san shi ba. Idan ya matsa, sai ka zubar da darajarsa ƙasa warwas, ka mai da shi wanda ɗaukarsa asara ce. Lokacin abubuwa sun ɗan lafa, hanya ta buɗe, motoci suna wucewa, amma tsoro bai bar jikin kowa ba.

Baba ya shiga lissafa mini aikin da suka yi, yana jin daɗi. Ɗan acaɓar ya ce bai taɓa jin mai wannan kama ba. Matan injin niƙa suka ce da akwai wani, amma ya daɗe da barin zuwa. Mai shayi ya ce ai wannan ba shi da cikakken hankali, turaku yake kafawa a gonar mutane yana magana shi kaɗai. Da baƙon ya ƙi tafiya aka kawo shi wurin Baba, Baba kuma ya rufe maganar. Ya ce masa yaron nan malalaci ne, karatu ya ƙi shi a birni shi ya sa ya dawo yana damun talakawa, babu wanda ke sauraronsa, babur ɗin ma na aro ne, kuma duk abin da ya taɓa a gona sai ya lalace.

Na yi dariya da farko, har na ce Baba ai ka wuce gona da iri. Sai na tambayi kamannin mutumin. Ya ce gajere ne, dattijo, da tabarau, ba ya dariya, yana rungume da wata tsohuwar jaka baƙa.

Na zauna a kan saiwar ɗorawar nan. Ban san lokacin da na ɗora hannu biyu a ka ba. Malam ya ce zai duba, ni kuma na ɗauka takardu zai duba. Ban taɓa kawowa a raina cewa mutum mai shekarunsa zai shigo motar haya ya biyo hanyar Birnin Gwari, hanyar da 'yan uwanmu na jini suka daina biyowa ko da gaisuwar mutuwa, don ya ji da kunnensa. Ya yi yadda ake binciken mai neman aure, bai gaya wa mai abin ba, ya tafi wurin maƙwabta. Maƙwabta kuma sun ba shi abin da ya samu.

Na yi fushi, kuma na nuna. Na ce wa Baba sun kashe ni da raina, sun rushe abin da na yi shekaru ina ginawa. Ya tsaya yana kallona bai gane ba, sai da na sauko na yi masa bayani dalla-dalla, cewa akwai makaranta a ƙasar waje, cewa ba za su ɗauke ni ba sai malamina ya shaide ni, cewa malamin nan ne ya zo, kuma lokaci ya kusa ƙurewa. Ina magana ina ganin fuskarsa tana sauka. Wannan mutum ne da ake kira ya raba rigimar iyakar gona tsakanin Musulmi da Kirista saboda an san ba ya ƙarya. Ya yi ƙarya sau ɗaya saboda ni, ya yi ta da kyau, ga abin da ta haifar. Bai ba ni haƙuri ba, bai kuma kare kansa ba. Ya tambaye ni ko malamin yana da waya.

Na kira Malam a gabansa, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na tura saƙo mai tsawo, na goge, na tura gajere. Shiru. Washegari na sake kira, haka. A raina na gama yanke hukunci, na ce shi ke nan, mutumin da dama yake zargin ƙarya nake yi ya je ya ji ƙauye guda ya tabbatar masa. Matata ta ce in nemi wani malamin, na ce mata ba a canja mai duba bincike kamar yadda ake canja tela. Ranar ba ta tsokane ni ba.

Ranar Litinin da sassafe aka yi sallama a ƙofar gidanmu. Na fito na tarar da Baba cikin kayan da yake zuwa coci da su, da hula, da takalmi sau ciki, yana riƙe da ɗan buhu. Ya ce bakin da ya ɓata shi ne zai gyara, in kai shi wurin malamin. Na ce tafiyar da nisa, ga hanya, ga ƙafarsa da ke ciwo. Ya ce malamin da ya zo ai ba yaro ba ne.

A mota bai yi magana ba sai sau ɗaya, da muka wuce wani ƙauye da ya zama kango, ya ce yana da aboki a nan da. Buhun yana kan cinyarsa har muka isa, ya hana yaron mota ya sa shi a but da sauran kaya.

Mun tarar da Malam a ofis, ɗalibai sun yi layi a baranda. Da ya ɗago ya ga wanda ke bayana sai ya miƙe, ya ba Baba kujerarsa ta baƙi, ni kuwa ya bar ni a tsaye. Suka gaisa gaisuwar dattawa, doguwa, har da tambayar damina. Baba ya kwance buhun ya fito da masara ya jera a kan tebur, a kan takardun mutane, manya a gefe ɗaya, 'yan ƙanana masu gibi a ɗaya gefen. Sannan ya cire hularsa.

"Ranka ya daɗe, ƙarya na yi maka. Duk abin da na faɗa a kan yaron nan ƙarya ne. Wannan daga inda ya sa hannu, wannan daga inda bai sa ba. Gona ɗaya ce."

Malam ya ɗauki babbar ya juya ta, ya ajiye. Ya ce masarar ba baƙuwarsa ba ce. Ranar da aka sallame shi daga ƙauyen, ya ce wa ɗan acaɓar ya tsaya a bayan gari zai kama ruwa, ya shiga gonaki da ƙafa. Ya ga turakun, ya ga gefen da wuta-wuta ta yi ja da gefen da sai ka nema, ya tona ƙasar da hannunsa ya murza. Ya kuma ga wasu gonakin da ba na gwaji ba an raba su haka, wato an fara kwaikwayo. Ya ce shekara da shekaru yana wannan aiki, ba ya buƙatar a gaya masa ko an taɓa ƙasa da ilimi.

Na ji wani sanyi ya ratsa ni, sai kuma haushi ya biyo baya. Na ce to Malam, tunda ka gani, me ya hana ka rubutawa, ga lokaci yana tafiya, ga kirana ba ka ɗauka. Ya dube ni ta saman tabarau irin kallon da yake mana a aji.

"Har yanzu kana da gardama. Aikin na gani. Amma sun tambaye ni yadda kake da mutane, ni kuma na je na ji gari guda ya haɗa baki a kanka. Ko dai sun ƙi ka ne ƙwarai, ko suna ɓoye ka. Na zaci na biyun ne, amma zato ba shaida ba ne. Kai kuma ba kai za ka faɗa mini ba, shi ya sa ban ɗauki wayarka ba."

Ya ce da ba mu zo ba, da zai rubuta abin da ya gani kawai kafin ranar rufewa, ya bar waccan tambayar da 'yar gajeriyar amsa, su kuma masu karantawa sun iya gane wurin da malami ya yi shiru. Sai ya juya ga Baba ya tambaye shi dalilin da ya sa suka yi haka. Baba ya faɗa masa a taƙaice, ba tare da ado ba. Ya ambaci mutum biyu na ƙauyen da aka fara tambayarsu haka, ɗaya ya dawo, ɗaya bai dawo ba. Ya ce yaron nan ba ɗan garinsu ba ne, ba addininsu ɗaya ba, ba abin da ya haɗa su sai gona, amma da a taɓa shi gara a ce duk ƙauyen maƙaryata ne. Ni dai ƙasa nake kallo, don ban taɓa jin an faɗi irin wannan a kaina ina tsaye ba, kunya ta rufe ni, idona kuma ya cika.

Malam ya jawo kwamfutarsa ya buɗe. Baba ya bi hannunsa da kallo, sannan ya yi tambayar da ban zata ba.

"Ranka ya daɗe, in ka rubuta, za su ɗauke shi?"

"Ba ni ke ɗauka ba. Amma ina sa rai."

"Zai daɗe?"

"Shekara ɗaya ko biyu. Wasu suna dawowa, wasu ba sa dawowa. Ba zan yi maka alkawarin abin da ban sani ba."

Baba ya juya hularsa a hannu. Sai a lokacin na lura cewa tun da na fara wannan nema ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da tafiyata take nufi a wurinsa ba. Ya shigo mota tun asuba da ciwon ƙafa don ya gyara maganar da, in ta gyaru, za ta raba shi da ni. Na so in ce zan dawo, amma a gaban waɗannan tsofaffi biyu na ji nauyin faɗin abin da ba a gani ba tukuna.

"To ka rubuta," in ji Baba. "Ka rubuta duka, kada ka rage masa komai."

Malam ya ce in fita, don ba a rubuta shaida a gaban mai ita. Baba kuwa ya ce ya zauna, akwai sauran tambayoyi. Na fito baranda na zauna a kan benci cikin ɗalibai, suna ta satar kallona, wataƙila suna tunanin wani laifi na yi da har aka zo da tsohona. Ta cikin ƙofa ina jin muryar Baba sama-sama, da ƙarar madannai a hankali, don Malam da yatsa biyu yake bugawa. An kira azahar na je na yi salla na dawo, suna ciki. Ban san abin da aka faɗa ba, ban san abin da aka rubuta ba, kuma har yau ban sani ba. Da nake cika fom na riga na amince ba zan nemi ganin wasiƙar ba, Malam kuma ba mutumin da za ka tambaya ba ne.

Da suka fito, Malam ya rako Baba har bakin matakala yana riƙe da masara biyu, babba da ƙarama, ya ce zai nuna wa 'yan aji. Ni abin da ya ce mini kawai shi ne in kula da dattijo a hanya, in kuma aiko masa da awon bana idan an girbe, ko an ɗauke ni ko ba a ɗauke ni ba.

Muna tasha muna jiran mota ta cika wayata ta yi ƙara. Na buɗe shafin. A gaban sunan Malam an rubuta an karɓa. Na daɗe ina kallon kalmar, sannan na miƙa wa Baba wayar, duk da na san ba ya karanta Turanci. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa, ya tambaye ni wace ce a ciki, na nuna masa da yatsa. Ya ce 'yar wannan ce muka yi wa wannan tafiya, na ce ita ce. Ya gyaɗa kai ya mayar mini.

Mota ta tashi, muka kama hanyar gida. Mun yi nisa, na ɗauka barci yake yi, sai na ji ya dafa gwiwata.

"Kafin ka tafi," in ji shi, "ka zo ka nuna mini yadda ake awon nan. Idona bai mutu ba tukuna. In ka dawo ka tarar da shi a rubuce."